Yadda ake riƙe littafin ciniki da lissafin haraji ga mai sayar da kaya ta waya a Legas

Shekaru ke nan ina sayar da yadi da atamfa ta WhatsApp daga Agege, kuma duk watan Maris sai 'yan'uwa masu irin wannan sana'a sun zo mini da wayoyinsu domin mu zauna mu fitar da lissafin shekara. Abin da na fi gani shi ne mutum yana da ciniki, kuɗi na shiga asusunsa kullum, amma idan aka tambaye shi nawa ya ci riba a shekarar sai ya yi shiru. Wannan shirun shi ne tushen tsoron haraji. Doka ba ta ɗora haraji a kan duk kuɗin da ya shiga asusunka ba, a kan riba take ɗora shi, sai dai kai ne za ka nuna mene ne riba, mene ne uwar kuɗi, mene ne bashi, kuma ba abin da zai nuna hakan sai littafi da rasit. Wannan bayani na mutum ɗaya ne mai sana'arsa shi kaɗai, yana zaune a Jihar Legas, yana sayar da kaya ta waya.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne littafi mai kauri mai bango mai ƙarfi, irin wanda ake rubuta bashi a shago, ba littafin 'yan makaranta da ganyensa ke zubewa ba. Wanda hannunsa ya saba da Excel ko Google Sheets zai iya amfani da su, amma na ga mutane da dama sun fara da waya sun watsar bayan mako biyu, alhali littafin da ke ajiye kusa da kaya yana tuna wa mutum da kansa. Sai bandir ɗin rasit mai kwafi biyu, wanda ake samu a wajen masu sayar da kayan rubutu a kowace kasuwa. Sai ambulan manya guda goma sha biyu, ɗaya ga kowane wata, ko jakar takardu mai rabe-rabe. Sai asusun banki wanda ba a taɓa shi sai don sana'a. Daga ƙarshe kana bukatar lambarka ta NIN, adireshin imel da kake iya buɗewa, lambar waya wadda ba za ka sauya ba, da hoton fasfo.

1. Raba kuɗin sana'a da kuɗin gida

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya a littafi, ka buɗe asusu na daban. Idan ba ka yi rajistar suna ba tukuna, asusu na biyu da sunanka ya wadatar, muddin ka yi masa shinge: kuɗin masu saye kawai ke shiga, kuɗin saro kaya da hidimar sana'a kawai ke fita. Idan kana bukatar kuɗin cefane, ka tura wa asusunka na gida adadi guda a mako ko a wata, ka rubuta shi a littafi da sunan abin da ka ɗiba wa kanka.

Dalilin wannan shi ne yadda muke rayuwa a nan. Mutumin Arewa da ke Legas asusunsa kan zama mashiga ce ta jama'a. Ɗan'uwa a Mile 12 zai ce a tura masa kuɗi ta wajenka, wani zai ba ka ajiya, ga kuɗin adashi, ga gudummawar biki, ga wanda zai ce ka karɓa ka aika wa iyalinsa a gida. Duk waɗannan ba ciniki ba ne, amma a takardar bayanin asusu kamarsu ɗaya da ciniki. Ranar da aka bukaci ka yi bayani, kai kanka ba za ka tuna ko naira dubu tamanin da ta shigo wata bakwai da suka wuce kuɗin leshi ce ko kuɗin amana ba. Saboda haka irin waɗannan kuɗaɗe su bi ta asusun gida. Idan wani ya yi kuskure ya turo ta asusun sana'a, ka rubuta a littafi a ranar cewa ba ciniki ba ne, ka ajiye saƙon da ke nuna hakan.

2. Tsara littafin, ka kuma cika shi a ranar

Ka raba littafin gida uku. Kashi na farko na kuɗin da suka shigo ne, na biyu na kuɗin da suka fita, na uku kuma, can wajen ƙarshe, na bashi da kafin alƙalami.

A shafin shiga ka ja layuka shida: kwanan wata, lambar rasit, sunan mai saye, abin da ya saya da yawansa, kuɗin da ya biya, da hanyar da ya biya, wato tiransifa, POS ko kuɗi a hannu. A shafin fita ka ja biyar: kwanan wata, wanda aka biya, dalilin biya, adadi, da irin shaidar da ke hannunka.

Akwai wurare uku da masu sayarwa ta waya suka fi tuntuɓe. Na farko shi ne kuɗin kai kaya. Mai saye a Surulere ya turo naira 28,000, a ciki 25,000 kuɗin atamfa ne, 3,000 kuma na mai babur ɗin da zai kai. Wasu sukan rubuta 25,000 kawai su manta da sauran, sai littafi ya ƙi daidaita da banki. Hanyar da nake bi ita ce in rubuta 28,000 gaba ɗaya a shafin shiga, in rubuta 3,000 a shafin fita da sunan kuɗin mai babur. Riba ba ta canza ba, amma kowace naira tana da mazauni.

Na biyu shi ne kayan da aka dawo da su. Kada ka goge layin cinikin, kada ka yage shafi. Ka rubuta sabon layi a ranar da ka mayar da kuɗin, ka sa lambar rasit ɗin farko a gefensa, ka nuna cewa ragi ne. Littafin da ke cike da gogewa ba ya samun yarda a wajen kowa.

Na uku shi ne hoton tiransifa. Hoton da mai saye ya turo ba shaidar biya ba ce, domin ana ƙirƙirarsa, kuma ko na gaskiya ne kuɗin na iya komawa. Kada ka rubuta ciniki a littafi, balle ka saki kaya, sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna.

Shi kuwa kafin alƙalami, wato wanda ya biya rabi kafin kaya su iso daga Kano, ka shigar da shi a kashi na uku har ranar da ka miƙa kaya, sannan ka ɗauko cikakken kuɗin zuwa shafin ciniki. Haka ma wanda ya karɓi kaya bashi, sunansa da adadin da ranar alkawari su shiga can.

Lokacin cika littafi shi ne bayan sallar isha'i, kafin ka kwanta, kuma ba ya wuce minti goma idan na rana ɗaya ne. Idan ka bari ya taru mako guda, rabin ƙananan kuɗin da ka kashe sun riga sun fita daga kanka, kuma waɗannan ƙananan su ne idan aka tara su a shekara suke rage haraji sosai.

3. Rasit: wanda kake bayarwa da wanda kake karɓa

Kowane ciniki a yanka masa rasit mai lamba a jere, ko da mai saye bai nema ba. Ka sa na sama a cikin ledar kayan ko ka ɗauki hotonsa ka tura masa, kwafin kuma ya zauna a bandir. Idan ka yi kuskure a rasit, ka ja layi a kansa ka rubuta an soke, ka bar shi a wurinsa, saboda lambar da ta ɓace a tsakiya tana jawo tambaya.

Rasit ɗin da kake karɓa ya fi wahalar samu, kuma shi ya fi amfani, domin shi ke tabbatar da abin da ka kashe. A Balogun da Idumota, haka a Kantin Kwari idan daga Kano kake saro kaya, manyan shaguna suna da rasit idan ka nema, amma da yawa cinikin baki ne da amana. Idan babu rasit, ga abin da za ka yi. Ka biya ta tiransifa daga asusun sana'a, ka rubuta bayanin kayan a gurbin da manhajar banki ta tanada, misali atamfa turmi ashirin. Ka sa mai kayan ya turo maka jerin kayan da farashinsu a saƙo, ka ɗauki hoton saƙon. Takardar webil da aka ba ka a tashar mota ita ma shaida ce, tana nuna ranar da kaya suka taso da kuɗin dako. Inda dole sai kuɗi a hannu, kamar ɗan dako ko mai baro, ka rubuta 'yar takarda da kanka mai kwanan wata da adadi da dalili, ka jefa a ambulan ɗin watan. Irin wannan ba ta kai rasit ƙarfi ba, don haka a bar ta ga ƙananan kuɗi kawai.

Rasit ɗin POS da na manyan kantuna rubutunsu yana dushewa cikin 'yan watanni, musamman a zafi da laimar Legas. Ka ɗauki hotonsu a ranar, ka tura wa imel ɗinka, saboda waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Littafi da takardun nan ana ajiye su aƙalla shekara shida, don haka kada ka zubar da na bara don ka shiga sabuwar shekara.

4. Daidaita littafi da banki a ƙarshen wata

A ranar ɗaya ga wata ka sauko da bayanin asusu na watan da ya wuce, ka ajiye shi gefen littafi, ka bi layi bayan layi kana sa alama. Duk kuɗin da ya shiga banki amma babu shi a littafi, ka nemo asalinsa tun kana iya tunawa. Duk wanda ke littafi amma babu shi a banki, ko dai kuɗi a hannu ne, ko kuwa ka saki kaya a kan hoton da ba gaskiya ba. A nan ne kuma za ka tsinci ƙananan cajin banki, irin kuɗin saƙon waya, kuɗin tiransifa da naira hamsin da ake cira a kan tiransifar naira dubu goma zuwa sama. Ka haɗa su jimla ɗaya ka shigar a shafin fita. Bayan haka ka tara shiga, ka tara fita, ka rubuta jimlar biyu a shafi na musamman mai layi goma sha biyu.

5. Rajista

Rajista iri biyu ce, kuma mutane suna yawan haɗa su. Ta farko ita ce ta sunan sana'a a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da sunayen sana'a, ta biyu kuma ta haraji.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce wanda ke kasuwanci da wani suna da ba ainihin sunansa ba, ya yi rajistar sunan cikin kwana 28 da fara aiki. Idan shafinka na Instagram da rasit ɗinka suna ɗauke da sunan da ka ƙirƙira, wannan hukunci ya hau kanka. Ana yin komai a shafin hukumar na intanet. Za ka gabatar da sunan da kake so a duba ko wani bai riga ka ba, sannan ka cika bayananka, ka faɗi irin sana'ar da adireshinta, ka ɗora hoto da sa hannu da shaidar NIN, ka biya kuɗin da shafin ya nuna. Idan an amince za ka sauko da satifiket mai lambar rajista, wanda da shi ne banki zai buɗe maka asusu da sunan sana'ar. Abin da ya fi dawo da takardun mutane baya shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin NIN da abin da suka cika, don haka ka kwafi yadda yake a NIN harafi da harafi, ko da a gida Muhammadu ake rubuta maka alhali can Mohammed ne. Idan ka ba wani ya yi maka, ka tabbata imel ɗinka da lambar wayarka ya sa, ba nasa ba. Na taɓa wahala da wannan: wanda ya yi mini rajistar farko ya sa nasa imel ɗin, da na tashi shigar da bayanin shekara sai da na yi makonni ina nemansa.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya tsaya a rajistar suna, kada ya yi gaggawar buɗe kamfani. Kamfani a idon doka mutum ne mai zaman kansa, harajinsa na hukumar tarayya ne, wato wadda a da ake kira FIRS, yanzu kuma NRS, kuma takardunsa na shekara sun fi yawa, sun fi tsada. Rajistar suna kuwa ba ta raba ka da sana'arka, ribarta kuɗin shigarka ne kai kanka, kuma harajinsa na jihar da kake zaune ne.

A kula da kalmar zama. Ba jihar da aka haife ka ake dubawa ba, ba kuma inda masu sayenka suke ba. Mutumin Katsina da ke zaune a Idi-Araba ko Obalende, hukumar haraji ta Jihar Legas, wato LIRS, wadda hedikwatarta ke Alausa a Ikeja, ita zai biya. Amma wanda gidansa ke Ibafo, Mowe ko Sango Ota yana cikin Jihar Ogun ne, ko da kullum a Legas yake wuni, don haka can zai nufa.

A Legas ana yin rajistar haraji a shafin `etax.lirs.net` ko a ofishin LIRS mafi kusa da kai, inda za a ba ka lambar da ake kira Payer ID. A tsarin da ya fara aiki a 2026, lambar NIN ce ginshiƙin shaidar harajin mutum, shi ya sa ya zama dole bayananta su kasance daidai. Idan ka taɓa aikin albashi a Legas, mai yiwuwa kana da wannan lamba tun tuni, sai ka sa a binciko ta maimakon ka buɗe ta biyu. Wanda bai yi rajistar suna ba, yana sayarwa da sunansa na yanka, shi ma haraji yana kansa, domin samun kuɗi ne ke jawo shi ba satifiket ba.

6. Fitar da ribar shekara

A ranar 31 ga Disamba ka ƙirga duk kayan da suka rage a hannunka, ka yi musu kuɗi a farashin da ka saro su, ba farashin da za ka sayar ba. Wannan ƙirga ita ce mutane suka fi tsallakewa, alhali ba riba da za ta fita daidai sai da ita. Wanda ya saba ƙirga kayansa don fitar da zakka ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai ya sani zakka hakkin Allah ce, lissafinta daban, kuma biyanta ba ya sauke harajin hukuma.

Mu ɗauki misali da wata mai sayar da atamfa da turaren wuta, tana zaune a gidan haya a Agege. A shekara guda naira 11,200,000 ta shiga asusunta na sana'a. Da aka bi littafi sai aka ga 600,000 rance ne daga yayanta, 500,000 kwasar adashi ce da ta zuba a jari, 300,000 ita ta turo daga asusunta na gida, 200,000 kuma na kayan da aka dawo da su ne ta mayar wa masu su. Idan aka cire waɗannan, wato 1,600,000, ainihin cinikinta 9,600,000 ne.

Sai kuɗin kayan da ta sayar. Ta shiga shekara da kayan 500,000, ta saro na 6,400,000 a cikin shekarar, ranar ƙarshe kuma ta ƙirga na 700,000 a ɗaki. Ana haɗa na farko da na biyu a cire na uku, abin da ya rage 6,200,000 shi ne uwar kuɗin kayan da suka fita. Idan aka cire shi daga ciniki, saura 3,400,000.

Daga nan sai hidimar sana'a. Webil daga Kano ya ci 240,000, masu babur 360,000, data da katin waya na layin sana'a 120,000, tallan da ta biya a intanet 90,000, leda da kwali 60,000, cajin banki 30,000. Jimla 900,000. Ribarta ta shekara ita ce 2,500,000.

Ƙa'idar abin da ake cirewa ita ce kuɗin da aka kashe kacokan don samar da cinikin. Cefane, kuɗin makarantar yara, ɗinkin salla da abin da ake aika wa iyaye ba sa shiga, duk da nauyi ne na gaske a kan mutum. Biyan rancen yayanta ma ba ya shiga, kamar yadda karɓarsa bai zama ciniki ba. Idan layin waya ɗaya ne na gida da na sana'a, a ɗauki kason da hankali zai yarda da shi, a kuma tsaya a kansa kowane wata. Abin da zai daɗe yana aiki, kamar sabuwar waya ko kantar jera kaya, ba a cire kuɗinsa gaba ɗaya a shekara guda, ana rarraba shi ne a kan shekaru, don haka a ware masa shafi a ajiye rasit ɗinsa.

7. Lissafin harajin

A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, kuma ma'aunin harajin mutum ya canza ga kuɗin da aka samu daga 1 ga Janairu 2026. A sabon ma'auni naira 800,000 ta farko a shekara ba ta da haraji. Naira 2,200,000 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari, sannan 9,000,000 da ke biye kashi 18, haka yake hawa mataki-mataki har kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Kowane kaso a kan yankinsa kawai yake hawa, don haka shiga mataki na gaba ba ya sa a caje ka sabon kaso a kan kuɗinka duka. Wanda yake gyara lissafin 2025 ko shekarun baya, tsohon ma'auni ne zai yi masa aiki.

Mai zama a gidan haya yana da rangwame na kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba, kuma sai ya bayyana hayar da ya biya. Wannan ya sa rasit ɗin mai gida ya zama takarda mai daraja, a daina biyan haya da baki.

Mu koma kan mai atamfa. Hayarta 600,000 ce, rangwamenta ke nan 120,000. Idan aka cire daga riba, saura 2,380,000. Naira 800,000 ta farko ta fita, saura 1,580,000, kashi 15 cikin ɗarinsa kuma 237,000 ne. Wannan shi ne harajinta na shekara, wato 19,750 a wata. Da za a ɗauki duk 11,200,000 da ta shiga asusunta a matsayin kuɗin shiga, lissafin zai haura 1,800,000. Na kawo wannan ne saboda doka ta ba hukuma ikon ta ƙiyasta wa mutum haraji da kanta idan bai kawo bayani ba ko bayanin bai gamsar ba, kuma wanda ba shi da littafi ba shi da abin da zai yi musu da shi. Tunda an san kimanin abin da zai fito, ni nakan ware kashi 10 cikin ɗari na ribar kowane wata in ajiye a gefe, don kada Maris ya zo in taɓa jari.

Game da harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, na hukumar tarayya ne ba na jiha ba. Tun dokar kuɗi ta 2019 aka ɗauke wa wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba nauyin karɓarsa, sabuwar doka kuma ta ɗaga wannan iyaka. Mai ciniki irin na misalinmu bai kusanci wurin ba, saboda haka kada ya ƙara VAT a rasit ɗinsa don ya ga manyan kantuna suna yi. Karɓar kuɗi da sunan haraji ba tare da miƙa shi ba laifi ne. A lura cewa a nan ciniki ake aunawa ba riba ba, don haka ranar da jimlar cinikinka ta fara doshin miliyan ashirin da wani abu, lokacin zama da akanta ya yi.

8. Shigar da bayani da biya

Wa'adin shigar da bayanin shekara ga mutum shi ne 31 ga Maris, a kan kuɗin shekarar da ta gabata. Ka shiga shafin LIRS da lambarka, ka zaɓi shekarar, ka cika kuɗin shigarka da hayar da ka biya, ka kuma faɗi duk wata hanyar samu da kake da ita, kamar albashi ko hayar shago, domin a kan jimlarsu ake auna matakan nan. Ko da ribarka ba ta kai 800,000 ba, ko ma asara ka yi, ka shigar da bayanin, saboda rashin haraji daban, rashin shigar da bayani daban. Sabuwar dokar ta sa tarar naira 100,000 a watan farko na jinkiri, da 50,000 a kowane wata bayansa. Kada ka jira makon ƙarshe, lokacin da kowa ke rububin shafin, ka gama tun cikin Fabrairu.

Biya kuwa ta lambar biyan da shafin ya fitar ake yi, a banki ko ta intanet, a kuma karɓi rasit na gwamnatin jiha mai ɗauke da sunanka da lambarka. Kada ka ba kowa kuɗi a hannu, kada ka tura asusun wani mutum, ko da ya zo da katin shaida a wuya. Tikitin kasuwa da kuɗin ƙungiya da kake biya ba su ne wannan harajin ba, su dai ka shigar da su a shafin fita idan na sana'a ne. Bayan ka biya za ka iya neman takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekaru uku na baya, kuma ita ake tambaya wajen neman kwangila da wasu harkokin fili.

Idan takardar ƙiyasi ta zo maka da adadin da ya fi lissafinka, kana da kwana 30 ka rubuta ƙin amincewa, ka faɗi dalili, ka haɗa da kwafin jimlar wata-wata, bayanin asusu da rasit. Ka kai da kanka, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka, ainihin littafin kuma ya zauna a hannunka.

Saura wa'adi ɗaya wanda ba na haraji ba ne amma ana yawan mantawa da shi. Mai rajistar suna yana shigar da bayanin shekara a CAC kafin ƙarshen 30 ga Yuni, ban da shekarar da ya yi rajistar. Idan ya bari, tara tana taruwa, sunan kuma yana komawa cikin waɗanda ba sa aiki a shafin hukumar, abin da banki ko babban mai saye zai gani idan ya duba. Ka rubuta ranakun nan uku, 31 ga Disamba, 31 ga Maris da 30 ga Yuni, a cikin bangon sabon littafi tun ranar da ka saye shi.